Mai da ɗora hannu ne suke ɓata gwajin haɗa-haɗa a darasin sakramenti

Tambaya: Baba Malam, barka da aiki. Ina koyar da darasin addinin Kirista a aji ɗaya na babbar sakandare, yara sittin, daga ikilisiyoyi daban-daban. Na koyar da sakramenti, na ba su gwajin haɗa-haɗa, sunaye bakwai a hagu, alamu bakwai a dama. Yaran da na fi ji da su ne suka fi faɗuwa, wata yarinya kuma ta ce mini a cocinsu biyu ne kawai, ba bakwai ba. Ina na kuskure, kuma yaya zan gyara?

Amsa: Malama, sannu da ƙoƙari. Ban ga takardar gwajinki ba, amma ina kyautata zaton a layin dama kin rubuta "shafa mai" a wuri ɗaya, kin rubuta "ɗora hannu" a wani wurin. Idan haka ne, yaranki masu ƙoƙari ba su faɗi ba. Sun san abin da ya fi ƙarfin takardar ne.

Ga dalili. A tsarin Katolika, inda ake lissafa bakwai, mai yana shiga sakramenti huɗu: baftisma, tabbatarwa, naɗin firist da bishop, da shafe marasa lafiya. Man ma ba iri ɗaya ba ne, kala uku ne bishop yake tsarkakewa sau ɗaya a shekara a makon da ake shiga Ista: man masu shirin baftisma, man marasa lafiya, da mai ƙanshi da ake kira kirisma, wato man zaitun da aka haɗa da turare. Kirisma ɗin nan ma wuri uku take aiki: a baftisma, da tabbatarwa, da naɗi. Ɗora hannu kuwa yana cikin tabbatarwa, yana cikin naɗi, firist kuma yana ɗora wa majiyyaci hannu kafin ya shafa masa mai. To yaron da yake taimaka wa Fada a bagade tun yana firamare, ya ga duk wannan da idonsa. Kin ba shi "shafa mai" kin ce ya haɗa da suna ɗaya tak. Zai zauna yana tauna biro, domin amsa huɗu yake gani, kowacce daidai. Wanda bai san komai ba sai abin da kika rubuta a allo jiya, shi ba ruwansa, zai ja layinsa ya wuce, ya ci maki. Gwajin ya saka wa haddar allo, ya hukunta sani.

Ni ma na taɓa cin wannan tuwon. A shekarun farko na koyarwata, a wata makarantar kwana, wani yaro ya biyo ni har ofishin malamai da takardarsa a hannu. Na soke masa inda ya haɗa mai da baftisma. Ya ce, "Malam, ranar Asabar aka yi wa ƙanwata baftisma, ina tsaye, na ga an shafa mata mai a ƙirji, aka zuba ruwa, aka sake shafa mata a tsakiyar ka." Ban sami abin cewa ba. Na mayar masa da makinsa, na kuma mayar wa mutum tara da suka yi irin amsarsa ba su zo ƙorafi ba.

Kafin mu koma kan takardar, bari mu sallami maganar yarinyar nan, domin ita ce tushe.

Gaskiya ta faɗa. Idan 'yar ECWA ce, ko Baftis, ko COCIN, abu biyu aka koya mata: baftisma da Jibin Ubangiji. Da yawa daga cikin irin waɗannan ikilisiyoyi ma ba su cika amfani da kalmar sakramenti ba, sun fi cewa umarnin Ubangiji ne, wasu su ce farilla. Ke ma ba ki yi ƙarya ba da kika ce bakwai. Abin da ya ɓace shi ne ba ki faɗi bakwai a wurin wa ba. Tarihin gajere ne, yana da kyau yara su ji shi sau ɗaya. An daɗe a cikin ikilisiya ba a tsayar da adadi ba, kowane malami da lissafinsa. A ƙarni na 12 wani malamin tauhidi a Faris, Bitrus Lombard, ya jera bakwai ɗin da muka sani, lissafinsa ya karɓu. Majalisar Fulorans ta 1439, wato babban taron shugabannin ikilisiya, ta ambace su. A 1520 Martin Luther ya rubuta cewa abin da ya cancanci sunan sakramenti shi ne wanda Yesu da kansa ya kafa, ya haɗa masa alkawari da alama ta zahiri. Ya fara da uku, har da tuba, wato furta zunubi, amma kafin ya rufe rubutun ya tsaya a kan biyu, domin tuba ba ta da alamar da ake gani kamar ruwa ko gurasa. Majalisar Katolika ta Tirent ta mayar da martani a 1547, ta ce bakwai ne, ba ƙari ba ragi. Anglikan suka tsaya a wani wuri na tsakiya: a Sharaɗi na 25 cikin Sharuɗɗan Addini 39, sun ce sakramenti na Bishara biyu ne, sauran biyar ɗin kuma "an saba kiransu" sakramenti amma ba a matsayi ɗaya suke da biyun ba. Ikilisiyoyin Otodoks na gabas su ma bakwai suke lissafawa. Idan kuma kina da 'yan EYN a ajin, za su gaya miki su suna wanke wa juna ƙafafu a lokacin Jibi bisa ga Yahaya 13, kuma sau uku ake nutsar da mutum a baftisma.

Saboda haka duk tambayar da za ki rubuta a kan wannan batu, ki sa mata mai ita. Kada ki rubuta "Sakramenti nawa ne?" Ki rubuta "Bisa ga koyarwar Ikilisiyar Katolika, sakramenti nawa ne?" Da wannan 'yar jimlar, yarinyar za ta iya rubuta bakwai da hannunta ba tare da ta ji ta saɓa wa abin da fastonta ya koya mata ba, domin labarin abin da wasu suka gaskata take bayarwa. Ke ma kin tsira daga iyayen da za su zo su ce ana sauya wa 'ya'yansu ɗarika a makaranta. Ajin makaranta ba ajin katikisma ba ne. A katikisma ana koya wa yaro abin da zai gaskata, a aji ana gwada ko ya san wa ya ce me, kuma da wace hujja.

Akwai kalmomi biyu da za su ba ki wahala idan kina yi musu bayani da Hausa, kuma na san kina yi, domin ko da Turanci ake rubuta jarrabawa, fahimta da Hausa take shiga. Ta farko ita ce "asiri". Kalmar Helenanci da ke ƙarƙashin sakramenti ma'anarta ɓoyayyen abu da Allah ya bayyana, ita ce a Afisawa 5:32 inda Bulus yake maganar aure, kuma a fassarar Latin an sa kalmar da ta zama sakramenti a daidai wurin. Littafi Mai Tsarki na Hausa ya ce asiri. Amma yaron da ya tashi a unguwa, da ya ji "asiri" abin da ke zuwa masa shi ne boka da laya da abin da ake binnewa a bakin ƙofa. Idan ba ki tsaya kin raba masa biyun ba, zai fita da tunanin cewa ruwan baftisma wani magani ne. Ta biyu ita ce "alheri". A bakin yara alheri shi ne ɗan abin da baƙo ya miƙa maka zai tafi. Ba laifi, ki kama daga nan: kyauta ce da ba ka yi aikinta ba. Sai ki ɗora ma'anar da Katolika da Anglikan da Lutheran za su gane duka, cewa sakramenti alama ce da ido yake gani ta alherin da ido ba ya gani.

Misalin da ya fi yi mini aiki shi ne rawani. Na kan tambayi aji: ranar da sarki ya naɗa hakimi, rawanin ne ya mai da shi hakimi, ko rawanin yana nuna wa jama'a abin da sarki ya riga ya yanke ne? Aji yakan rabu biyu nan take, a yi ta musu. Sai in ce to ku riƙe wannan musun, shi ne na ikilisiyoyi. Katolika suna cewa ta wurin alamar kanta Allah yake ba da alherin, Lutheran da Anglikan ma suna kusa da nan a kan biyun da suka karɓa. Baftis da masu irin fahimtarsu suna cewa mutum ya riga ya sami ceto ta wurin bangaskiya, baftisma shaida ce da biyayya a gaban jama'a. Misalin ba ya ɗaukar komai da komai, kada ki ja shi ya wuce nan, amma yaro ba ya manta shi.

Yanzu takardar. Bayan matsalar mai da hannu, akwai ta biyu da ke cikin tsarin bakwai-da-bakwai kansa, kuma lissafi ne kawai. Idan sunaye bakwai ne, alamu bakwai, kowace alama sau ɗaya, wanda ya san shida ya sami na bakwai kyauta. Ba ma yadda za a yi yaro ya ci shida daidai idan ya cika duka ba tare da maimaitawa ba: ko bakwai, ko biyar zuwa ƙasa, domin kuskure ɗaya yana jan ɗan'uwansa. Wato yaron da ya rikice a abu guda, maki biyu yake asara. A batun sakramenti abin ya fi muni, saboda uku daga cikin bakwai ɗin kyauta ne tun asali. Ruwa na baftisma ne, gurasa ta Jibi ce, zobe na aure ne, ko wanda bai taɓa shiga ajinki ba zai haɗa su. Saura huɗu. A cikinsu "faɗa wa firist zunubi" ya riga ya faɗi sunansa. Saura uku, kuma su ne tabbatarwa, naɗi, da shafe marasa lafiya, daidai inda mai da hannu suka cakuɗe. Kin ga ashe gwajin kashi biyu ne: huɗu da ba sa gwada komai, uku da ba su da amsa ɗaya. (Zoben ma, tun da na ambace shi, ba shi ne ke ƙulla aure a koyarwar Katolika ba. Yardar da ango da amarya suka furta wa juna ce. Zobe al'ada ce mai kyau da aka ɗora.)

Maganin shi ne ki juya takardar. Sunaye bakwai su koma dama su zama zaɓi, bayanai su zo hagu su fi su yawa, ki kuma faɗa a umarni cewa ana iya amfani da suna fiye da sau ɗaya. Da haka cire-cire ya mutu, domin ko yaro ya yi amfani da "Baftisma" a lamba ta 1, ba shi da tabbacin ba za ta sake dawowa ba. Mai cankar banza kuma, a tambaya goma da zaɓi bakwai, abin da zai samu a matsakaici bai kai maki ɗaya da rabi ba. Ga wanda nake bayarwa, ki mayar da shi Turanci idan da shi za su rubuta:

Umarni: Bayanan da ke Rukunin A sun shafi yadda ake yin sakramenti bisa ga koyarwar Ikilisiyar Katolika. A gaban kowace lamba, rubuta harafin sakramentin da ya dace daga Rukunin B. Ana iya amfani da harafi ɗaya fiye da sau ɗaya. Kowace amsa maki ɗaya.

Rukunin A
1. Ana amfani da gurasar alkama da ruwan inabi.
2. Ana zuba ruwa sau uku da sunan Uba, da Ɗa, da Ruhu Mai Tsarki.
3. Masu karɓa su biyu su ne suke ba wa juna, firist shaida ne a madadin ikilisiya.
4. An hana firist faɗa wa kowa abin da ya ji a cikinsa, ko da ransa zai tafi.
5. Ana shafa mai a goshi ana cewa mutum ya karɓi hatimin baiwar Ruhu Mai Tsarki.
6. Ana shafa mai a goshi da hannuwa ana roƙon Ubangiji ya ceci mutumin ya tashe shi.
7. Yana da matakai uku, bishop ne kaɗai yake iya bayar da shi.
8. Idan mutum yana bakin mutuwa kuma babu firist ko dikin, kowa yana iya bayar da shi.
9. Ana iya karɓa kowace rana, amma sai an bar ci da sha na sa'a ɗaya kafin nan, ban da ruwa da magani.
10. Bishop yana ɗora hannu a kan mutum shiru, sannan ya yi addu'ar keɓe shi ga hidima.

Rukunin B
A. Aure
B. Baftisma
C. Furta zunubi
D. Jibin Ubangiji
E. Naɗi
F. Shafe marasa lafiya
G. Tabbatarwa

Amsoshi: 1 D, 2 B, 3 A, 4 C, 5 G, 6 F, 7 E, 8 B, 9 D, 10 E.

Ki dubi 5 da 6 da kyau, domin su ne zuciyar gwajin. Dukansu mai ne, dukansu goshi ne. Ban ɓoye cakuɗewar ba, na ajiye su kusa da juna da gangan, amma kowanne na ba shi abin da babu shi a ɗayan: kalmomin da ake faɗa. Wannan ita ce dabarar gaba ɗaya. Malaman Katolika suna cewa kowane sakramenti yana da abin da ake amfani da shi da kuma kalmomin da ake furtawa. Abin yana iya maimaituwa, kalmomin ba sa maimaituwa. Duk lokacin da alama ta shiga wuri biyu, ki nemi kalmomin ko manufar ki liƙa mata. Haka na yi a lamba ta 10: da na tsaya a "bishop yana ɗora hannu", tabbatarwa ma ta shiga. "Shiru" da "keɓe shi ga hidima" su suka rufe ƙofar.

A lamba ta 7, kalmar "kaɗai" ce take aiki. Yara da yawa za su ruga su ce tabbatarwa, domin ranar tabbatarwa ce suke ganin bishop ya zo garinsu da doguwar hularsa da sanda. Amma a tabbatarwa bishop shi ne mai bayarwa na yau da kullum, ba shi kaɗai ba, firist yana iya yi idan an ba shi izini, ko lokacin da yake yi wa babba baftisma a daren Ista, ko a haɗarin mutuwa. Naɗi kuwa babu wanda yake yi sai bishop, matakan kuma su ne dikin, firist, bishop. Lamba ta 8 ita ma tarko ce ta halal. Da yaro ya ga "bakin mutuwa" hannunsa zai tafi F. Amma shafe marasa lafiya firist ne kawai ko bishop yake yi, ko dikin ba ya yi. Baftisma ce ungozoma take iya yi wa jaririn da ke shirin cikawa, muddin ta yi da ruwa da kalmomin da niyyar abin da ikilisiya take yi. Tarko irin wannan yana da kyau da sharaɗi ɗaya: sai kin koyar da shi a aji. Idan ba ki faɗa ba, ki cire lambar, kada ki gwada yara a kan abin da 'yan Katolika kaɗai suka jiyo a gida.

Ki lura kuma a lamba ta 4 ban sa kalmar "zunubi" ba, a ta 6 ban sa "ciwo" ko "majiyyaci" ba. Duk kalmar da ke cikin sunan amsa, kada ta fito a bayanin, in ba haka ba ido ne yake haɗawa, ba ƙwaƙwalwa ba. Sunayen dama na jera su bisa haruffa don kada jerin ya ba da wata alama, na kuma fara da masu sauƙi biyu don yaron da ke tsoron gwaji ya sami wurin taka ƙafa. Duka su tsaya a shafi ɗaya. Idan a allo za ki rubuta saboda babu kuɗin buga takarda, ki raba allon biyu, ki rubuta Rukunin B da manyan haruffa, kada kuma ki ce su ja layi. Layuka goma da suka sarƙe a littafin yaro, sau sittin, za su cinye miki daren Lahadi. Harafi a gaban lamba ya isa.

Ayoyi kada ki cusa su cikin wannan rukunin. Idan kika haɗa aya da alama da sunan mutum a layi ɗaya, yaro yana gane amsa daga siffarta. Ki yi musu nasu rukunin daban, a bar Littafi a buɗe: Matiyu 28:19, 1 Korintiyawa 11:23-26, Yahaya 20:22-23, Yakubu 5:14-15, Ayyukan Manzanni 8:14-17, 2 Timoti 1:6, Afisawa 5:31-32. Umarnin ya ce "ayar da Ikilisiyar Katolika take kafa hujja da ita", domin ɗan Baftis ya yarda da Yakubu 5 sarai, fastonsa ma yana iya shafa wa mara lafiya mai, abin da bai yarda da shi ba shi ne kiran wannan sakramenti. A nan ma ɗora hannu zai dawo, a Ayyukan Manzanni 8 da 2 Timoti 1. Ki sa su karanta su ga wa aka ɗora wa: a ta farko mutanen Samariya ne da aka riga aka yi musu baftisma, Bitrus da Yahaya suka zo don su karɓi Ruhu, a ta biyu Timoti ne mai hidima. Wannan rukunin ne ya fi amfanar su gaba, tun da manyan jarrabawoyin sun fi tambaya a kan nassi.

Ban so ki fara da gwaji a rubuce. Darasi biyu na minti arba'in nake ba wannan batu. A na farko ina shiga da kofin ruwa, da guntun burodi, da 'yar kwalbar man zaitun, in ajiye a tebur in tambaya wa ya taɓa ganin an yi amfani da wannan a coci, yaushe, wa ya yi, me ya ce. Yaran ne suke cika allon, kowa da abin da ya gani a nasu, ni ina rubuta sunan ikilisiyar a gefe. A nan kwalbar mai take tara suna huɗu a ƙarƙashinta, kowa yana gani, ba sai na yi dogon bayani ba. Abu ɗaya da ba na yarda da shi: wasan kwaikwayon baftisma ko Jibi a aji, a ɗauko wani a zuba masa ruwa ana faɗin kalmomin, ko a gutsuttsura burodi a raba. Ga wasu yaran wannan wasa da abu mai tsarki ne, kuma labarin zai riga ki isa gida. A nuna kayan, a bar su a tebur.

A darasi na biyu sai kati. Ki yanka kwalin taliya ko na sabulu, bayanai goma a kati goma, sunaye bakwai a kati bakwai. Yara sittin, rukuni goma na mutum shida, saiti goma ke nan, su da kansu za su rubuta miki idan kin ba su kwalin. Ki gauraya ikilisiyoyi a kowane rukuni, kada 'yan Katolika su taru wuri ɗaya su gama cikin minti biyu sauran suna kallo. Minti goma sha biyu na haɗawa, minti goma kowane rukuni ya kare kati ɗaya da bakinsa, ya faɗi kalmar da ta sa ya ajiye shi inda ya ajiye. Minti goma na ƙarshe a kwashe katin, kowa ya yi na rubutu shi kaɗai, amma ki sauya jerin lambobin, in ba haka ba "D, B, A, C" za su haddace kamar waƙa.

Saura yadda za ki gane ko laifin takarda ne ko na yara, wanda shi ne abin da ya dame ki tun farko. Bayan kin yi maki, ki jera takardun daga babba zuwa ƙarami, ki ware ashirin na sama da ashirin na ƙasa, ki bar na tsakiya. Ga kowace lamba ki ƙirga mutum nawa suka ci a kowane tari, ki kuma rubuta harafin da waɗanda suka faɗi suka zaɓa. Minti talatin ya isa. A ce a lamba ta 8, na sama goma sha shida suka ci, na ƙasa shida, sauran duk suka tafi F. Wannan lafiyayyar tambaya ce, ta raba wanda ya sani da wanda ya bi kalmar "mutuwa". A ce kuma a lamba ta 10 na sama tara ne suka ci, goma sha ɗaya suka rubuta G, na ƙasa kuma goma suka ci. Idan masu ƙoƙari suka taru a kan amsa guda wadda ba taki ba, har na ƙasa suka kamo su ko suka wuce su, kada ki yi musu faɗa. Ki koma ki karanta bayanin, ki duba littafin darasinki. Ko dai bayanin yana karɓar amsa biyu, ko a aji kin jaddada ɗora hannu a tabbatarwa kin manta ki ambace shi a naɗi.

Akwai dubawa ta biyu da wannan batu kaɗai yake bukata. Kin riga kin san cocin kowane yaro daga darasi na farko, ba sai kin sa su rubuta a takarda ba, kada ma ki sa. Ki duba a ranki: lambar da kusan duk 'yan Katolika suka ci, kusan duk sauran suka faɗi, ba darasinki ta gwada ba, gidan da aka haifi yaro ta gwada. Lamba ta 9 ce aka fi samun haka, maganar sa'a ɗaya kafin Jibi. Ko ki koyar da ita sosai, ko ki sauya ta. Don a daidaita ma'auni kuma, ki ƙara ɗan rukuni na uku inda sauran ne suke da gida: bayanai biyar ko shida, zaɓi huɗu, Anglikan, Baftis, EYN, Katolika, ana iya maimaitawa. "Suna wanke wa juna ƙafafu dukan masu bi a lokacin Jibi." "Suna cewa biyu ne na Bishara, biyar an saba kiransu haka." "Suna lissafa aure cikin sakramenti daidai da baftisma a adadi." Sai dai ki yi hattara da "ba sa yi wa jarirai baftisma", domin Baftis da EYN duka sun shiga, kin koma gidan jiya. Ki ƙara masa "sau uku ake nutsarwa, fuska gaba" ya zama na EYN, ko ki cire ɗaya daga cikin biyun a zaɓi.

Game da gwajin da kika riga kika yi, ki ɗauko takardun ki sake duba layukan mai da na ɗora hannu. Duk wanda ya haɗa mai da baftisma, tabbatarwa, naɗi ko shafe marasa lafiya, ki ba shi makinsa, haka wanda ya haɗa hannu da ɗaya daga cikin ukun ƙarshe. Ki faɗa wa ajin dalili a fili, da kwalbar man a hannunki, daga nan ki shiga darasin kati. Yarinyar da ta ce biyu ne, ki sa ta rubuta katin Baftis da na EYN na rukuni na uku, ta kawo miki ki duba kafin ranar.